Ƙiyasta Farashi da Wa'adin Doguwar Fassara: Misalin Jagorar Kwamitocin Filaye a Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Mafi yawan abin da muke koyo a sashen kimiyyar harshe game da fassara ya tsaya ne kan ma'ana: yadda za a ɗauko saƙo daga wani harshe a zuba shi cikin wani ba tare da ya zube a hanya ba. Amma ranar da ɗalibi ya fara karɓar aiki daga hannun wata ƙungiya ko wani poroje, tambayoyi biyu ake fara yi masa: nawa za ka yi mana, kuma yaushe za ka kawo? A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Wani ya faɗi kuɗi da ka, wani ya tambayi abokinsa abin da ake biya a Yamai, wani kuma ya amince da ranar da mai aiki ya yanka domin kada aikin ya suɓuce masa. Bayan wata biyu sai a tarar da shi yana fassara cikin dare, kuɗin sun ƙare, aikin bai kai rabi ba.

Wannan maƙala na son nuna cewa farashi da wa'adi duk daga tushe guda suke fitowa, wato adadin kwanakin da aikin zai ci, kuma wannan adadi aunawa ake yi, ba a cankarsa. Za a bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: fassarar jagorar aiki daga Faransanci zuwa Hausa domin kwamitocin kula da filaye na gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi. Dokokin da hukumomin da za a ambata na gaskiya ne. Girman littafin da kuɗaɗen da za a lissafa kuwa misali ne da aka ƙaddara domin hanyar lissafin ta fito fili. Kowa sai ya sa nasa alƙaluman a gurbinsu.

Irin aikin da wurin da za a yi amfani da shi

Dokar da ta aza harsashin kundin tsarin karkara na Nijar ita ce mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993. A ƙarƙashin wannan tsari ne ake da kwamitocin filaye da aka fi sani da Kofo, tun daga na gunduma zuwa na ƙaramar hukuma har zuwa na ƙauye. Su ne ke shaida cinikin gona, da kyauta, da aro, da haya, da jingina, da mallakar gargajiya, kuma suna da hannu wajen shata burtali da makiyaya. Daga baya aka ƙara dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010. Duk waɗannan dokoki da Faransanci aka tsara su, alhali a gundumar Tasawa mai ƙananan hukumomi bakwai da ta Mayahi mai takwas, Hausa ce harshen da ake shari'ar gona da shi a ƙofar maigari. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Saboda haka irin wannan fassara ce mai digirin harshe zai fi cin karo da ita a wannan yanki.

Mu ƙaddara cewa wata ƙungiya ta kawo jagora mai shafi 120, tana so a horar da mambobin Kofo na ƙauyuka da ita, daga Korgom da Maijirgi har Kanambakashe da ƙauyukan Gulbin Kaba. Littafin zai shiga hannun mutanen da za su karanta shi a bainar jama'a lokacin da manomi da makiyayi ke jayayya. Kuskuren da ya mayar da jingina ta zama sayarwa na iya raba magada da gonarsu. Wannan ne ya sa ba a iya rage lokacin bita domin a cika wa'adi.

Me za a ƙirga?

Mai aiki yakan so a yi ciniki kan shafi, domin shi yake gani. Amma shafi ba mudu ba ne da kowa ya san cikinsa. Masu fassarar adabi a Faransa sun saba da shafi mai layi 25, kowane layi da gurbin harafi 60. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana lissafa shafinta da kalma 330. Shafin da sakatare ya buga da ƙananan haruffa yana iya ɗaukar kalma 500. A misalinmu, idan aka ce jika biyar kowane shafi, shafi 120 zai ba da faran 600,000. Da an sake tsara rubutun nan ɗaya a kan kalma 250 kowane shafi, da ya zama shafi 192, kuɗin kuma faran 960,000. Aiki bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma bambancin ya kai faran 360,000. Don haka ko da za a rubuta shafi a takardar yarjejeniya, dole a faɗi kalma nawa ake nufi da shi.

Tambaya ta biyu ita ce kalmomin wane harshe za a ƙirga, na asali ko na fassara. Ga mai nazarin Hausa amsar a fili take: na asali. Dalili na farko shi ne adadinsu sananne ne tun kafin a fara, don haka ɓangarorin biyu sun san jimillar kuɗi tun ranar sa hannu. Dalili na biyu ya shafi ginin harsunan. Hausa na liƙa harafin mallaka a jikin suna, shi ya sa "gonar sarki" kalma biyu ce, alhali Faransanci zai faɗe ta da huɗu. A wannan wuri Hausa ta fi gajarta. Amma inda doka ta zo da keɓaɓɓiyar kalma wadda ba ta da takwara, abin sai ya juye. Dokar kiwo tana da wani laƙabi da kwamfuta ke ƙirgawa kalma biyu, wanda a Hausa sai an ce "yankin da makiyaya suka saba zama a cikinsa mafi yawan shekara", kalma goma sha ɗaya. Ba wanda zai iya faɗin inda ma'aunin zai rinjaya kafin a gama.

Dalili na uku shi ne ƙa'idar rubutu. Wanda ya rubuta "ya na", "su ka", "a ke" a rarrabe zai fi wanda ya rubuta "yana", "suka", "ake" yawan kalmomi da dubbai a littafi guda. Idan kuɗi ya rataya kan kalmomin Hausa, to an ba mai fassara ladan karya ƙa'ida da na tsawaita zance, an kuma ba mai aiki dalilin zarginsa ko da bai yi ba.

Ita ma ƙirgar asalin tana buƙatar lura. A manhajar Word ta Faransanci, ana samun adadin a ƙarƙashin `Révision` sannan `Statistiques`, kuma akwai ɗan akwatin da sai an yi masa alama kafin ta haɗa da bayanan ƙasan shafi da rubutun cikin akwatuna. Rubutun da ke cikin hoto kuwa ba ta ganinsa sam. A jagorarmu manhajar ta nuna kalma 46,000, amma fom-fom ɗin da aka ɗauki hotonsu aka manna da rubutun jikin zane-zane sun ƙara 2,000 da aka ƙirga da hannu. Adadin ciniki ke nan 48,000. Mai fassara kada ya faɗi farashi a kan samfurin shafi goma da aka turo masa. Sai ya ga littafin duka, kuma ya tabbatar shi ne zubi na ƙarshe.

Kalma nawa a yini?

Adadin da ya fi yawo a bakin masu sana'ar shi ne kalma 2,000 zuwa 2,500 a yini. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe a kan shafi biyar a yini, wato kalma 1,650, kafin babban zaurenta ya ɗaga shi zuwa shafi 5.8 a ƙarshen shekarar 2020, abin da ya haura kalma 1,900 kaɗan. Sai dai waɗannan alƙaluma na mutanen da ke aiki ne tsakanin harsunan da ke da ƙamusoshin shari'a, da rumbun tsofaffin fassarori, da kalmomin da aka riga aka daidaita. Mai fassara zuwa Hausa sau da yawa shi ne zai nemo kalmar, ya auna ta, ya yanke hukunci a kanta. Ɗaukar ma'aunin wasu a ɗora wa kai shi ne mafarin yawancin wa'adin da ake saɓawa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar ita ce a rarraba littafin gwargwadon nau'in rubutu, a tsamo kalma kamar 500 daga tsakiyar kowane nau'i, a fassara su da agogo a gefe har su kai yadda za a iya miƙa su. Ba a ɗaukar samfuri daga gabatarwa, domin ita ce mafi sauƙi a kowane littafi. A jagorarmu nau'i uku ne. Akwai bayani na zube mai kalma 30,000, wanda gwaji ya nuna ana yin kalma 250 a awa, jimilla awa 120. Akwai ayoyin doka masu kalma 12,000, inda saurin ya sauko zuwa 120 a awa, jimilla awa 100. Sai fom da jadawali masu kalma 6,000, a kan 150 a awa saboda wahalar tsara su, jimilla awa 40. Gaba ɗaya awa 260.

Abin lura a nan shi ne ayoyin doka kashi ɗaya cikin huɗu ne na littafin, amma sun kusa cinye kashi biyu cikin biyar na lokacin. Jimlar doka a Faransanci takan yi tsawo, da sharaɗi cikin sharaɗi da aikatau marar mai aiki. Kafin ta zauna a Hausa sai an datsa ta, an fito da wanda zai yi abin, an kuma tabbatar cewa "dole", "ana iya" da "an hana" kowanne ya faɗa inda doka ta aje shi.

Daga nan sai a mayar da awoyi kwanaki. Zaman awa takwas a gaban kwamfuta ba fassarar awa takwas ba ce. In aka cire salla, da abinci, da amsa waya, da ɗaukewar wutar lantarki a lokacin bazara, da gajiyar da ke sa ido ya tsallake layi, awa biyar na aiki tsantsa shi ne abin da mutum zai iya riƙewa wata da watanni. Awa 260 a raba da biyar, kwana 52 ke nan, wato kimanin kalma 920 a yini. Wannan bai kai rabin adadin da ake yayatawa ba, kuma ba alamar lalaci ba ce.

Kwanakin da ba a fassara a cikinsu

Kwana 52 na zubin farko ne kawai. Akwai wasu ayyuka huɗu da ke cin lokaci, waɗanda in ba a lissafa su ba mai fassara ne zai biya su daga aljihunsa.

Na farko shi ne karanta littafin duka da tsara jerin keɓaɓɓun kalmomi kafin a fara, a ba shi kwana 6. A nan ake yanke ko za a ce burtali ko labi, yadda za a bambanta makiyaya da hurumi, da kalmar da za ta tsaya wa kowace irin takardar Kofo. A nan kuma ake tsayar da ƙa'idar rubutu. Nijar na da tata, wadda ma'aikatar ilimi ta tsayar a shekarar 1999, kuma a cikinta ana rubuta "ƴaƴa" da harafi mai ƙugiya, saɓanin Najeriya da ke sa waƙafin sama kafin harafin. Wannan jeri a miƙa shi ga mai aiki ya sa hannu. Sauya kalma guda a ranar shida aikin minti ɗaya ne. Sauya ta bayan ta shiga wuri ɗari uku, da jinsinta da jam'inta da wakilan sunan da ke bin ta, aikin kwanaki ne.

Na biyu shi ne bitar mai fassara da kansa, yana gwama asali da fassara layi bayan layi. A kan kalma 6,000 a yini, kwana 8 ke nan.

Na uku shi ne gwajin sauraro, kwana 4 haɗe da tafiya. Hausar da ake rubutawa ta ginu ne kan karin Kano, alhali Hausar Tasawa da Mayahi tana da nata furuci da nata kalmomi. Ana ɗaukar wasu babi a karanta wa mambobin Kofo biyu ko uku a kowace gunduma, sannan a ce su maimaita abin da suka fahimta da bakinsu. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani, domin ladabi zai sa a ce an gane. Idan aka karanta sashen aro mai sauraro ya bayyana shi kamar jingina, to an san inda za a gyara.

Na huɗu shi ne shigar da gyare-gyaren mai bita na biyu da na mai aiki, kwana 5. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na aikin fassara, ISO 17100 na shekarar 2015, ya shardanta cewa wani mutum dabam ya duba fassarar yana gwama ta da asali. A kan kalma 4,000 a yini wannan mutum zai ci kwana 12, amma da yake kashi-kashi ake tura masa, aikinsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da na mai fassara. Kuɗinsa za a lissafa, kwanakinsa ba za su tsawaita wa'adi ba.

Jimillar kwanakin mai fassara ta zama 75. A kan wannan sai a ɗora rarar kashi 15 cikin ɗari, kimanin kwana 11, saboda zazzaɓin damina, da rasuwa, da lalacewar kwamfuta. Kwanakin aiki 86 ke nan. Rarar nan ta wa'adi ce, ba a cajin mai aiki kuɗinta.

Daga kwanaki zuwa farashi

Yanzu ne kuɗi ke shigowa. Mai fassara ya fara da tambayar kansa nawa yake bukata a wata domin ya rayu ya kuma riƙe kayan aikinsa, wato haya, abinci, kuɗin intanet, wuta da tanadin sabuwar kwamfuta. Mu ce faran 240,000. Ba kowace rana ce ake samun aikin da ake biya ba. In ya ƙaddara kwana 16 a wata, yininsa ya tsaya a faran 15,000. Lissafin farashin kalma kuwa shi ne:

```
farashin kalma = (kwanaki × kuɗin yini + mai bita + ɗawainiya) ÷ adadin kalmomi
```

Kwana 75 a kan 15,000 sun ba da faran 1,125,000. Mai bita na biyu, kwana 12 a kan farashi ɗaya, faran 180,000. Ɗawainiyar gwajin sauraro, wato mota, masauki, buga samfuri da ɗan abin goron waɗanda suka bar aikinsu suka zauna, a ce faran 95,000. Jimilla 1,400,000. In aka raba da 48,000 ana samun faran 29 da ƴan kai, sai a cike shi 30. Farashin da za a gabatar ke nan faran 1,440,000.

Amfanin wannan lissafi yana bayyana ne lokacin tayi. Idan mai aiki ya ce faran 20 zai iya biya, jimillar ta zama 960,000. A cire 275,000 na mai bita da ɗawainiya, saura 685,000, a raba da kwana 75: yini ya faɗo zuwa kimanin faran 9,100. Mai fassara na iya karɓa in ya ga dama, amma ya karɓa yana sane da abin da ya sallama. Abin da ya fi shi ne ya tambaya wane ɓangare za a cire. Ko ƙungiyar ta ɗauki nauyin tafiyar gwaji da motarta, ko ta kawo nata mai bita, ko a rage kuɗin fom-fom ɗin da ke maimaita juna, tunda takardar haya da ta aro rabin layukansu iri ɗaya ne. Ragin da ke da dalili ya fi ragin kunya, domin ba ya karya farashin aiki na gaba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da wannan yanki. A bakin Bahaushen Nijar kuɗi da dala ake ƙirga su, kuma dala faran biyar ce. Faran 30 "dala shida" ce, wanda kuma ya ji "talatin" a kasuwar Tasawa faran 150 zai fahimta. Cinikin da aka yi da Hausa a waya, aka rubuta shi da Faransanci a ofis, yana iya samun ninki biyar tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji. Maganinsa shi ne a rubuta farashin kalma da jimillar duka da lambobi da kuma haruffa, a ambaci faran sefa ƙarara. Haka nan a tambaya tun farko ko jimillar kafin cire haraji ce ko bayansa, domin ƙungiyoyi kan riƙe wani kaso su zuba wa hukumar haraji.

Wa'adi: a ƙirga daga ƙarshe

Kwanakin aiki 86, a kan kwana biyar a mako, sun haura mako 17 kaɗan. Da hutun salla sai a ce mako 18. Amma ranar da za a faɗa wa mai aiki ba daga yau ake ƙirgo ta ba. Ana farawa ne daga ranar da littafin zai yi amfani, a dawo baya.

A wannan yanki kalandar noma ce ke yanke wannan rana. Ana girbin hatsi a watannin Satumba da Oktoba, daga nan garkunan da suka yi damina a arewa su fara gangarowa. Hukumomin jiha ne ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara bayan shawara da wakilan manoma da makiyaya, kuma tsakanin girbi da wannan rana ne ɓarna da rikici suka fi aukuwa. Jagorar da ta iso a watan Janairu ta rasa shekara guda. Don haka mu ce dole littafin ya kasance a hannun masu horarwa ranar 15 ga Oktoba. A cire mako uku na ɗab'i, an dawo 24 ga Satumba. A cire mako biyu da mai aiki zai duba kashin ƙarshe ya amince, an dawo 10 ga Satumba, ranar miƙa fassara ke nan. A cire mako 18, an dawo 7 ga Mayu. Wannan ita ce ranar da ya kamata a ce an sa hannu kuma an biya kafin alƙalami.

Lissafin baya-baya yana tona wani abu da na gaba-gaba ke ɓoyewa. In aka bar gwajin sauraro sai an gama fassara, zai faɗo a watan Agusta, lokacin da kowa ke gona kuma wasu hanyoyin ƙauye ke wuyar bi. Ya fi dacewa a fara da wani yanki na ayoyin doka, a kai shi gwaji a ƙarshen Mayu kafin shuka ta kankama, ta yadda abin da aka koya zai shiga sauran littafin.

To, idan mai aiki bai zo ba sai 1 ga Yuli fa? Daga ranar zuwa 10 ga Satumba mako goma ne, kwanakin aiki 50, alhali ana bukatar 86. Amsa "in sha Allah za a yi" ba tare da sauya komai ba alkawari ne da aka san ba zai cika ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mafita biyu ce. Ta farko a raba aikin tsakanin masu fassara biyu, da jerin kalmomi guda da mai bita guda; wannan ba ya rage lokaci zuwa rabi, domin daidaita salon mutum biyu shi ma aiki ne, kuma kuɗi zai ƙaru. Ta biyu a rage abin da za a miƙa. Ayoyin doka da fom, kalma 18,000, suna cin awa 140, wato kwana 28. A ƙara 6 na jerin kalmomi, 3 na bita, 4 na gwaji, 3 na gyara da 6 na rara, an sami kwana 50 cif. Waɗannan su ne abin da Kofo ke bukata a lokacin kaka. Bayanin zube sai ya biyo baya a ɗab'i na biyu.

Abin da takardar yarjejeniya za ta ƙunsa

Doguwar fassara ba a yi mata rana guda. A kasa ta kashi huɗu, kowanne da ranar miƙawa, domin mai aiki ya ga salon tun da wuri, mai bita kuma ya sami abin yi. Biyan kuɗi ya bi wannan tsari: kashi 30 cikin ɗari a farko, faran 432,000, kashi 40 bayan miƙa rabin aiki, faran 576,000, sauran 432,000 bayan amincewar ƙarshe, cikin kwanakin da aka ambata.

Wa'adi nauyi ne a kan ɓangarori biyu, kuma wannan ne aka fi mantawa. A rubuta cewa ƙirgar kwanaki na farawa ranar da zubin ƙarshe na asali da kuɗin farko suka iso. A rubuta kwana nawa mai aiki ke da su ya amsa tambaya ko ya amince da kashi, da cewa duk kwanan da ya ƙara yana tura ranar ƙarshe gaba da kwana guda. A ambaci mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe kan kalmomi, domin taron amincewa mai mutum ashirin na iya warware abin da aka sa wa hannu tun watan Mayu. A ƙayyade zagayen gyara, a ce biyu. Duk sakin layin da aka sauya a asali bayan an fassara shi sabon aiki ne, da kuɗinsa da kwanakinsa.

Yadda ake gane an fara makara

Mai fassara ya riƙe ɗan littafin da yake rubuta kalmomin asali nawa ya gama kowace rana, da nau'insu. Bayan kwana goma a kan ayoyin doka ya kamata a ce ya yi kalma 6,000, tunda 600 ne a yini. In ya tarar 4,800 ya yi, saurinsa ya gaza ƙiyasi da kashi ɗaya cikin biyar, kuma sashen da aka ba kwana 20 zai ci 25. Kwana biyar daga rarar 11 sun tafi ke nan tun ba a taɓa sauran littafin ba. A ranar ce ya kamata ya sanar da mai aiki, lokacin da ana iya ɗaga ranar maɗaba'a ko a nemo mataimaki. Wata alamar ita ce jerin kalmomi ya ci gaba da tsawo bayan mako na uku, ko tambayoyin da aka tura su taru ba amsa. Ta ƙarshe kuma, wadda ta fi haɗari, ita ce mutum ya fara cin kwanakin bita yana cewa zai rama daga baya.

Kammalawa

Alƙaluman da aka yi amfani da su a nan za su bambanta daga mutum zuwa mutum da kuma daga littafi zuwa littafi. Wanda ya fassara jagorar Kofo sau ɗaya zai fi sauri a karo na biyu, domin jerin kalmominsa na hannu, kuma littafinsa na ƙirgar yini zai ba shi ma'aunin da ya fi na gwajin kalma 500 inganci. Shawarar da za a ba ɗalibai ita ce su fara riƙe wannan ƙirga tun daga fassarar da ake ba su a aji, suna rubuta nau'in rubutu, da adadin kalmomi, da awoyin da suka ci. Ranar da aka tambaye su nawa da yaushe, sai su nemi kwana biyu su ga littafin duka, su gwada, su dawo da amsa a rubuce.